Na sa wa muryata kwamfireso, sai fanka ta fi ni fitowa. Ina matsalar take?

Ummu_Sultan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karanta littattafan Hausa ina ɗorawa a YouTube, da Audacity nake gyaran sauti. Masu saurare sun dame ni da ƙorafi ɗaya: idan ina ba da labari a hankali ba sa ji sosai, sai su ƙure murya, da an zo wurin faɗa ko kuka kuma sai in fasa musu kunne. Aka ce in sa Compressor. Na kwafi saitin wani da na gani a bidiyo: Threshold -35, Ratio 8, Attack 1 ms, Release 800 ms, Make-up gain 15. To yanzu murya ta daidaita kam, amma ta koma kamar ina magana cikin bargo, numfashina ya fito fili, ƙarar fanka kuma tana tasowa duk inda na yi shiru. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayanin waɗannan abubuwa biyar yadda zan gane, ba lambobi kawai ba.

Abba_Data:
Wa alaikumus salam. Anti ki daina matse fayil ɗin da yawa. Idan za ki fitar da MP3 ki sa 128 kbps, kar ki sauka ƙasa da 96. Ni ma haka nawa yake yi in na tura ta WhatsApp.

Shamsu_Edita:
Abba ba wannan take tambaya ba. Kai maganar rage nauyin fayil kake yi, ita kuma maganar daidaita ƙarfin murya take yi tun kafin a fitar da fayil ɗin.

Abba_Data:
Au, to a yi haƙuri. Bari in koma gefe in saurara.

Mai_Kiɗa_Jos:
Hajiya abu mai sauƙi ne. Threshold -20, Ratio 4, Attack 10, Release 100. Shi ke nan. Haka nake sa wa duk mawaƙin da ya shigo situdiyona, ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba. Aikin kwamfireso shi ne ya ɗaga ƙaramar murya ta kamo babba.

Malam_Idi_Rediyo:
Ummu Sultan, sannu da ƙoƙari. Lambobin da Mai Kiɗa ya bayar ba su da laifi a matsayin mafari, amma jimlarsa ta ƙarshe a juye take, kuma daga nan matsalarki ta taso. Kwamfireso ba ya ɗaga komai. Sauke babbar murya yake yi. Bayan ya sauke ta, ke ce kike ɗaga rikodin ɗin gaba ɗaya da Make-up gain, shi kuwa wannan bai san murya ba, bai san fanka ba, duk abin da ya tarar ɗagawa yake.

Ki ɗauka kin zaunar da yaro a gaban miksa, hannunsa a kan maɓallin murya, idonsa a kan mita. Abu huɗu za ki gaya masa. Na farko, daga ina zai fara ragewa: idan allura ta wuce wuri kaza ka rage, in ba ta kai ba kar ka taɓa. Wannan shi ne Threshold. Na biyu, nawa zai rage daga abin da ya wuce ɗin. Wannan Ratio ke nan. Da dB ake auna ƙarfin sauti. Idan kin sa 3, to duk dB 3 da suka haura layin, 1 kawai zai bari. Na uku, da wane sauri zai ja maɓallin ƙasa, shi ne Attack. Na huɗu, idan murya ta sauka, da wane sauri zai mayar da maɓallin inda yake, shi ne Release.

Ke abin da kika gaya wa yaron shi ne ya fara ragewa tun daga raɗa, ya rage kusan komai, ya fizge maɓallin nan take, sannan ya yi nawa wajen sakewa. Kafin mu ci gaba, ki auno min abu huɗu a rikodin ɗin da ba ki taɓa ba: inda mita take kaiwa idan kina ba da labari a natse, inda take kaiwa a raɗa, inda take kaiwa a ihu, da inda take tsayawa idan kin yi shiru.

Ummu_Sultan:
Na gode Baba. Mitar tana tsalle, na kasa kama lamba ɗaya. Yaya zan yi?

Shamsu_Edita:
Akwai dabara. Ki zaɓi wurin da kike son aunawa, ki buɗe Amplify. Lambar da zai nuna miki a Amplification ita ce tazarar da ke tsakanin ƙololuwar wurin da 0. In ya nuna 18, to ƙololuwar tana -18 ke nan. Ki rubuta ki danna Cancel, kar ki bari ya yi aikin.

Ummu_Sultan:
Na yi. Labari a natse wajen -18. Raɗa -28. Ihu -5. Shiru -52, da fanka a kunne.

Malam_Idi_Rediyo:
Madalla. Yanzu mu ga abin da saitinki ya yi. Lissafin duk abin da ya haura layi ɗaya ne:

```
fita = Threshold + (shiga - Threshold) / Ratio
```

Layinki yana -35. Labarinki na -18 ya haura shi da 17, a raba da 8 ya zama 2 da ɗan wani abu, sai ya fito a wajen -33. Ihunki na -5 ya haura da 30, ya fito a wajen -31. Raɗarki ta -28 ta haura da 7, ta fito a wajen -34. Kin gani? Tsakanin raɗa da ihu da akwai dB 23, yanzu saura 3. Uwar miji tana faɗa da amarya tana raɗa duk sun zama murya ɗaya. Bargon da kike ji ke nan.

Sai fanka. Ita tana -52, ba ta kai layi ba, don haka kwamfireso bai taɓa ta ba. Kika zo kika ƙara 15. Muryarki da aka sauke zuwa -33 ta dawo -18, inda take tun farko. Fanka kuwa ta tashi daga -52 zuwa -37. Da tazararki da ita 34 ce, yanzu 19. Wato muryar labarinki ba ta ƙaru da komai ba, fanka ce ta ci ribar duka. Numfashi ma haka.

Ki gwada Threshold -20, Ratio 3. Labari zai ɗan taɓa layin kawai, ya fito a wajen -19. Raɗa ba za a taɓa ta ba. Ihu ya haura da 15, a bar masa 5, ya fito a -15. Tazarar raɗa da ihu ta sauko daga 23 zuwa 13, wanda har yanzu mai saurare zai san an yi ihu amma ba zai cire iyafis ba. Ki ƙara Make-up gain 6: ihu -9, labari -13, raɗa -22, fanka -46. Lissafin takarda ne wannan, a zahiri ƙololuwa za ta ɗan wuce haka saboda Attack yana barin farkon sauti ya tsere, amma ba zai yi nisa ba.

Mai_Kiɗa_Jos:
To Malam ai -20 ɗin da na faɗa ka dawo kai. 😂

Malam_Idi_Rediyo:
Na dawo kai don ta ce labarinta yana -18. Da ta ce min -30 yake kaiwa, -20 ɗinka ba zai yi komai ba sai a wurin ihu. Da kuma ta ce -8, zai riƙa danne ta daga farkon babi har ƙarshe. Kai a situdiyonka makirufo ɗaya ne, ka saba inda kake ajiye maɓallin shigar sauti, shi ya sa lamba ɗaya take yi maka aiki kullum. Ratio da Attack da Release ana iya aronsu a wurin wani. Threshold ba a aronsa.

Hauwa_Zariya:
Ni fa abin da ke rikita ni ke nan. Na ɗauka -35 ya fi -20 sauƙi, wato in na sa -35 aikin zai ragu. Ashe akasin haka ne?

Shamsu_Edita:
Akasin haka ne Hauwa. Sifili shi ne can sama, inda sauti yake fashewa. Duk yadda lambar ta ƙaru bayan alamar ɗebewa, ƙasa kike yi. Layin da ke ƙasa kuwa ya fi kama abubuwa da yawa. -35 zai kama har raɗa, -10 sai ihu kaɗai.

Hauwa_Zariya:
To ni a OBS nake darasi kai tsaye. Na sa Compressor ban taɓa komai ba, na ga Ratio 10:1, Threshold -18, Attack 6, Release 60. In bar shi haka?

Shamsu_Edita:
10:1 ya yi yawa ga darasi, ya kusa zama katanga. Ki mayar da shi 3:1. Sauran ki bar su tukuna, ki yi magana ki ga inda mitar makirufonki take kaiwa kamar yadda Malam ya sa Ummu ta yi. Kuma Output Gain ɗinsa a 0 yake zuwa, shi ya sa mutane suke cewa sun sa shi muryarsu ta ragu. Dole ki ɗan ƙara da hannu.

Malam Idi, ni inda na ɗan saba da kai shi ne -20 ɗin. A saitinka muryar labari dB 1 kawai ake rage mata, wato kusan duk tsawon littafin kwamfireso yana zaune ne yana jiran ihu. Masu sauraron Ummu yawancinsu a waya suke ji, wata tana girki, wani yana cikin adaidaita. Ni da -24 zan sa, labarin ya riƙa samun ragin dB 4, ƙarshen jimloli da ke faɗuwa su matso kusa. Mu Hausawa in muna karatu ƙarshen jimla sauka yake yi, kalmar ƙarshe ita ke ɓacewa a cikin hayaniya.

Malam_Idi_Rediyo:
Hujjarka mai ƙarfi ce Shamsu, kuma da ɗakinta shiru ne da na bi ka. Amma ka duba kuɗin da za a biya. A -24 ihun zai sha ragin kusan dB 13, kuma don labarin ya dawo inda nake so sai an ƙara 9 maimakon 6, fanka ta koma -43. Matar da ta zo da kukan fanka ba zan ƙara mata fanka ba. Ta kashe ta tukuna, sai mu yi maganar -24.

Ummu_Sultan:
Baba a kashe fanka a Kano a watan Afrilu? Ai sai dai a tsinci gawata a gaban makirufo. 😭

Ɗan_Gwammaja:
Hahaha. Anti ki yi rikodin bayan asuba. Gari da ɗan sanyi, babu inji, babu masu talla, yara ba su tashi ba. Zakara ne kawai abokin gaba.

Maman_Walid:
Ni matsawa na yi kusa da makirufo. Da ina zama nesa da shi kamar kamu biyu, na dawo kamu ɗaya, na rage maɓallin shigar sauti. Ƙarar injin maƙwabta ta ragu sosai ba tare da na sayi komai ba. Sai dai yanzu duk "b" da "f" suna bugun makirufo, na saka masa safa.

Malam_Idi_Rediyo:
Abin da Maman Walid ta yi ya fi duk wani saiti. Idan ka rage tazararka da makirufo da rabi, muryarka tana ƙaruwa da wajen dB 6, ƙarar ɗaki kuma tana nan inda take. Bugun iskar kuma ki ɗan karkatar da makirufon gefen baki maimakon saitin leɓe. Sannan ki sa High-Pass Filter, wato matatar da ke rage sauti mai kauri na can ƙasa, a 80 Hz kafin kwamfireso, ba bayansa ba. Bugun iska da gurnanin inji suna da ƙarfi a can ƙasa, kwamfireso yana ganinsu a matsayin babbar murya sai ya danne ki a banza.

Ummu_Sultan:
Na canza Threshold da Ratio da Make-up gain kamar yadda Baba ya ce, na bar sauran biyun. Wallahi an samu bambanci, fanka ta koma baya. Amma akwai abu biyu. Akwai wurin da matar ta daka tsawa "Ke! Fita min daga ɗaki!" sai ni kuma na ci gaba da labari a hankali "ta juya ba ta ce komai ba". To "ta juya" ɗin yana nutsewa, sai daga baya murya ta taso. Na biyu, har yanzu kalmomi ba su da kaifi kamar na asali.

Malam_Idi_Rediyo:
Na farko Release ne, na biyu Attack.

Tsawar ta sa an ja murya ƙasa da dB 10. Kin ce a ɗauki 800 ms wajen sakewa, kusan daƙiƙa guda. Mai karatu a natse yana furta gaɓa huɗu ko biyar a daƙiƙa, don haka "ta juya" gaba ɗaya ta faɗo a lokacin da ake riƙe da murya a ƙasa, alhali ita ba ta yi laifin komai ba. Ki sauko da shi wajen 100 zuwa 150 ms, yadda zai saki kafin gaɓa ta gaba ta yi nisa. Amma kar ki ce tunda gajere ya fi bari in kai shi 10. Muryar namiji mai kauri tana kaɗawa kamar sau 100 a daƙiƙa, kowace kaɗawa 10 ms ke nan. Idan Attack da Release suka yi gajarta haka, kwamfireso yana fara bin kaɗawar ita kanta yana lanƙwasa ta, sai ki ji wani kurɗi-kurɗi a cikin dogayen wasula. Ki ja "aaa" ki saurara, nan ake kama shi. Muryar mace ta fi sama, ba ta saurin nuna wannan, amma duk da haka ƙarar ɗaki za ta riƙa leƙowa tsakanin kalma da kalma kamar ana haki.

Attack kuwa, farkon kowace gaɓa mai ƙarfi akwai ɗan bugu, kamar a k, t, ƙ da ts. Da shi kunne yake rarrabe kalmomi. A 1 ms ana aske bugun nan tun bai fito ba. Ki kai shi 10 zuwa 15 ms ki karanta jimla mai irin waɗannan baƙaƙe da yawa, misali "tsohuwa ta ƙulle ƙofa ta tsaya". Ki saurara da 1, ki saurara da 15, ki kuma gwada 60 don ki ji ɗaya ɓangaren: a 60 farkon "Ke!" zai wuce da ƙarfinsa kafin a kama shi, sai abin da ya biyo baya ya sha dukan.

Mai_Kiɗa_Jos:
Wato Attack shi ne lokacin da yake jira kafin ya fara aiki. Haka na ce wa yarana kullum.

Shamsu_Edita:
Ba jira yake ba Mai Kiɗa. Da sauti ya haura layi yake fara ragewa, sai dai a hankali yake kaiwa inda za shi. Attack saurin tafiyar ne. Kuma kowace manhaja da yadda take ƙirga shi, shi ya sa 10 ms na wannan ba lallai ya yi daidai da 10 ms na wancan ba.

Ni dai a magana zalla ina sa 3 zuwa 5 ms. Ba ganga ba ce da za a ce ana neman bugu. Mutum zai saurari littafi na awa biyu da iyafis, kaifin nan gajiyar da kunne yake yi.

Malam_Idi_Rediyo:
Ya danganta da makirufo da bakin mai magana. Makirufo mai kaifi da mai magana mai cizon baƙaƙe, 5 ta fi. Ita Ummu kukan rashin kaifi ta kawo. Ba zan yi musu da kai a kan 5 da 15 ba, mun yi wannan musun a ɗakin sarrafa sauti shekara da shekaru ba a tashi da komai ba.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun sama. Ni tawa matsalar ta masallaci ce. Limaminmu in yana huɗuba wani lokaci ya yi ƙasa da murya har na waje ba su ji, wani lokaci ya ɗaga har lasifika ta yi kururuwa. Miksarmu Yamaha ce mai maɓalli ɗaya da aka rubuta COMP, babu Threshold babu komai. Na murɗa shi ya wuce rabi, sai lasifika ta kama kuka duk sanda liman ya yi shiru. Mi ya kawo haka?

Malam_Idi_Rediyo:
Wa alaikumus salam Ɗan Maraɗi. Irin wannan maɓalli abu da yawa yake yi lokaci guda: yana ƙara matsi, yana kuma ƙara murya don ya cike abin da ya rage. To matsalar fankar Ummu ce ta zo maka da wata riga. Lokacin da liman yake magana da ƙarfi ana danne makirufon. Da ya yi shiru sai a sake shi, ga kuma ƙarin da aka yi masa, sai ya jiyo lasifikar cikin masallaci ya mayar mata, kuka ya tashi. Ka dawo da shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ka matso da makirufon kusa da bakin liman, ka kuma tabbata babu lasifikar da ke fuskantar mumbari. A wurin taro ana sassauta matsi fiye da a rikodin.

Ɗan_Maraɗi:
Na gode Malam. Liman ne dai ba ya son a matso mishi da makirufo, ya ce yana tsole mai ido. Za mu lallaɓa.

Bashir_Fage:
Jama'a ni nawa Audacity ɗin ya ƙi sauka. Attack Time ba ya yin ƙasa da 0.1 secs, Release Time kuma ba ya yin ƙasa da 1.0. Ina kuke samun 10 ms ɗin nan?

Shamsu_Edita:
Tsohon ne a hannunka Bashir. A sigar 3.6 da ta fito a 2024 aka canza Compressor ɗin gaba ɗaya, shi ne mai ms. In ba za ka sabunta ba, ka sauka iya inda ya tsaya, ka sa Ratio 2:1 ko 3:1, kuma ka lura da akwatin nan na Make-up gain for 0 dB after compressing. In da alama a cikinsa, zai ɗaga rikodin ɗin har ƙololuwa ta taɓa 0 ba tare da ya tambaye ka ba. Ka cire alamar ka ƙara da kanka.

Bashir_Fage:
Kwamfutar ce tsohuwa, ina tsoron sabon ya yi mata nauyi. Zan gwada cire alamar.

Maman_Walid:
Tambaya Malam Idi. Na taɓa jin an ce kar ragin ya wuce dB 3 zuwa 6. Kai kuma ka bar ihun Ummu ya sha 10. Ba matsala?

Malam_Idi_Rediyo:
3 zuwa 6 ɗin ana nufin a maganar yau da kullum, abin da mitar ragi za ta riƙa nunawa a yawancin lokaci. Tsawa ɗaya a cikin minti biyar ta sha 10 ba abin tashin hankali ba ne. Amma gaskiya in ni ne, ba zan bar wa kwamfireso wannan aikin ba. Wuraren ihu a babi ɗaya ba su da yawa. Zan zaɓe su ɗaya bayan ɗaya in rage musu dB 5 ko 6 da Amplify tukuna, sannan in sa kwamfireso a kan duka. Ya fi fita da tsabta. Wanda ya fi wannan ma, in za ta daka tsawa ta ɗan ja kanta baya, kamar yadda 'yan wasan kwaikwayo na rediyo suke yi.

Shamsu_Edita:
Malam wanda ke fitar da awa guda kullum ba shi da lokacin bin ihu ɗaya bayan ɗaya. Ni biyu nake jerawa: na farko mai sauri, Ratio 4 ko 5, layinsa a sama wajen -12 don ya kama ihu kaɗai, na biyu mai taushi Ratio 2 ya daidaita sauran. Kowanne ya yi ɗan aiki kaɗan.

Mai_Kiɗa_Jos:
Wannan kam haka muke yi wa mawaƙa. Amma kar ku rikita baiwar Allah, ɗayan ma bai gama zama ba kun kawo mata biyu.

Ummu_Sultan:
Wallahi kuwa Mai Kiɗa. 😅 Ga inda na tsaya: High-Pass Filter 80, Threshold -20, Ratio 3, Attack 12, Release 120, Make-up gain 6. "Ta juya" ta dawo. Da na saurara da na asali sai na ji sabon ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Raɗar ce dai har yanzu ta ɗan yi ƙasa in na saurara a lasifikar waya.

Malam_Idi_Rediyo:
Ki yi hattara da "ya fi daɗi". Sabon ya fi na asali ƙarfi da wajen dB 5, kunne kuwa duk wanda ya fi ƙarfi shi yake zaɓa ko da ya fi muni. Ki daidaita ƙarfinsu a kan muryar labari tukuna, sannan ki kwatanta. In har yanzu sabon ya fi, to ya fi ɗin.

Raɗar kuma kwamfireso bai taɓa ta ba, kuma bai kamata ya taɓa ba. Ki zaɓi wuraren ki ƙara musu dB 3 ko 4 da hannu, ko ki matso makirufo lokacin da za ki yi ta.

Shamsu_Edita:
Ko ta sauko da layin zuwa -24 ta ƙara 9 kamar yadda na ce tun farko, raɗar ta tashi da 3 ba tare da ta bi ta da hannu ba. 🙂

Malam_Idi_Rediyo:
Fanka ma ta tashi da 3.

Ummu_Sultan:
Zan yi babi na gaba bayan asuba ba fanka, in fitar da shi kala biyu, -20 da -24, in ɗora nan ku saurara ba tare da na faɗi wanne ne wanne ba.

Hauwa_Zariya:
Ki sa har da wurin faɗan. Ni kuma na mayar da nawa 3:1 na ƙara Output Gain 5, ɗalibai sun ce suna ji, amma yanzu in na buga allon rubutu na kwamfuta ana jin ƙas-ƙas ɗinsa a cikin darasi. Noise Gate zan sa ko Expander, kuma kafin Compressor ko bayansa?

Shamsu_Edita:
Kafinsa. Dukansu rage ƙaramin sauti suke yi idan kin yi shiru, amma ki fara da Expander, ya fi taushi. Amma in kina magana kina bugawa lokaci guda ba abin da zai cire shi, sai dai ki ɗauke makirufon daga kan teburin ki sa shi a sanda.

Ɗan_Gwammaja:
Anti Ummu in za ki ɗora ki faɗa mana ko amaryar ta fita daga ɗakin ko ba ta fita ba.